Targaɗen idon sawu: yadda wani mai gudu a Jos ya yi gaggawar komawa titi, da yadda aka gyara ƙafar a karo na biyu

Wanda abin ya samu

Saurayi ne ɗan shekara 27, mazaunin Unguwar Rogo, yana sayar da kayan waya a wajen Taminus, inda yake wuni kusan a tsaye. Kwana huɗu a mako yakan fita bayan sallar asuba ya yi gudun kilomita 5 a gefen titin Bauchi. Ba shi da wani ciwo na jiki. Abu ɗaya ne a tarihinsa ya shafi wannan bayani: tun yana sakandare ya taɓa yin targaɗe a ƙafar hagu wajen ƙwallo, aka ja masa, ya huta kwana biyu ya koma fili, ba a yi wa ƙafar wani atisaye ba.

A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi uku gajeru da suka ɗaure ƙashin ƙwauri na waje da ƙasusuwan ƙafa. Ta gaba ita ce mafi rauni, kuma ita ce ta farko da ke yagewa idan ƙafa ta karkace tafinta ya juya ciki. Yawancin targaɗen idon sawu ta wannan hanyar yake faruwa. Ana kasa shi mataki uku: jijiya ta miƙe fiye da kima, ko ta yage wani ɓangare, ko ta tsinke gaba ɗaya.

Asabar 8 ga Nuwamba: ranar farko

Da misalin ƙarfe shida na safe ya kauce wa wata mota, ya taka bakin kwalta daidai inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa. Ƙafar hagu ta juya ciki, ya ji wani abu ya yi ƙas. Ya zauna a bakin hanya na ɗan lokaci, sannan ya tashi ya ɗingisa har gida da ƙafarsa. Kafin awa ɗaya kumburi ya taso a gaban ƙashin idon sawu na waje da ƙasansa.

A gida aka dafa ruwa aka gasa wurin da tsumma, aka shafa man zafi. Da yamma yayansa ya kai shi wurin mai gyaran targaɗe. Aka ja ƙafar, aka murza wurin da ƙarfi na kusan minti goma, aka ɗaure da ƙyalle tamau daga idon sawu zuwa sama, aka bar tafin ƙafa da yatsu a buɗe. Cikin dare yatsun suka kumbura, suka yi sanyi, suna masa kamar ana tsira allura. Ya kwance ɗaurin da kansa kafin asuba.

Litinin 10 ga Nuwamba: zuwa asibiti

Ya je asibiti yana neman a ɗauki hoton ƙashi. Kumburin ya mamaye idon sawu duka, jini ya kwanta baƙi-baƙi a gefen ƙafa har zuwa dunduniya. Aka zagaya tef ɗin awo ta ƙarƙashin tafin ƙafa da bayan idon sawu, a siffar lamba 8: ƙafar hagu santimita 55, ta dama 52.

Likita ya duba shi bisa ƙa'idojin Otawa, waɗanda aka fitar a Kanada a 1992 don tantance wanda yake bukatar hoto. Ana danna gefen baya na ƙashin idon sawu na waje da na ciki, daga tsininsa zuwa santimita 6 sama. Ana danna tushen ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa na waje, da ƙashin da ya ɗan turo a tsakiyar ƙafa ta ciki. Sannan a ga ko mutum zai iya taku huɗu, ko da ɗingishi ne, a lokacin da abin ya faru da kuma a gaban likita. In ƙashi ya yi zafi a ɗaya daga waɗannan wurare, ko taku huɗun ya gagara, sai hoto. Shi kuwa zafinsa a kan nama yake, a ɗan lungun da ke gaban ƙashin waje, kuma ya taka. Ba a ɗauki hoto ba.

Aka ba shi umarnin kwana uku masu zuwa. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul mai ɗan laima, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, kada ta taɓa fata kai tsaye. In babu wuta, ledar fiya wata mai sanyi biyu ko uku ta wadatar. Bandeji mai talewa, a fara naɗawa daga tushen yatsu a hau zuwa tsakiyar ƙwauri, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasansa, ya kasance yatsa ɗaya na iya shiga ƙarƙashinsa, a kuma cire shi lokacin barci. In ya kwanta ya ɗora ƙafar kan matashi biyu yadda za ta fi ƙirjinsa tudu. Farasitamol giram 1 duk bayan awa shida zuwa takwas in akwai bukata, kada ya wuce giram 4 a rana. Ba a ba shi ibufurofen ba saboda yakan yi fama da gyambon ciki. Ban da ruwan zafi, ban da murza. Ya riƙa takawa gwargwadon abin da zai iya jurewa, ya kuma dawo ranar Juma'a, domin gwajin jijiya ya fi nuna gaskiya bayan kwana huɗu ko biyar, lokacin da kumburi da zafi suka lafa.

Ranar Juma'a bai dawo ba. Kasuwa ta riƙe shi, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

19 zuwa 23 ga Nuwamba: komawa gudu da targaɗe na biyu

Zuwa kwana na goma ɗingishi ya tafi, zafi sai in ya tsuguna. Ranar Laraba 19 ga wata, kwana na 12 ke nan, ya ɗaura bandeji ya yi kilomita 3. Da yamma ƙafar ta kumbura, da safe ta sace. Ranar Juma'a ya yi kilomita 4, aka maimaita haka. Ranar Lahadi 23 ga wata, yana cikin kilomita na biyu, ya taka wani ɗan dutse da bai kai ƙwai ba. Ƙafar ta sake juyawa. Wannan karon a mashin aka kai shi gida.

24 zuwa 28 ga Nuwamba: awon da aka ɗora komai a kansa

Ranar Litinin aka sake bin ƙa'idojin Otawa. Taku huɗu ya gagara, don haka aka ɗauki hoto, ba karaya ba tsagewa. Aka matse ƙasusuwan ƙwauri biyu a tsakiya don a ji ko zafi zai sauka zuwa idon sawu, wanda ke nuna targaɗen sama, mai daɗewa kafin ya warke. Bai sauka ba. Aka mayar da shi kan ƙanƙara, bandeji da ɗaga ƙafa, aka ba shi sanduna biyu, aka tura shi sashen gashin ƙashi.

Ranar Juma'a 28 ga wata likitar gashin ƙashi ta riƙe ƙwaurinsa da hannu ɗaya, ta jawo dunduniya gaba da ɗayan. Ƙafar hagu ta zame gaba fiye da ta dama, amma ta tsaya a wani wuri mai tauri, alamar jijiyar ta yage ba ta tsinke ba. Mataki na biyu ke nan.

Sai ta yi awo uku, ta rubuta a kati. Na farko, ya fuskanci bango, ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, a auna nisan babban yatsa da bango. Dama santimita 11, hagu 3. Na biyu, tsayuwa kan ƙafa ɗaya ido a rufe: dama daƙiƙa 26, hagu 4. Na uku, ɗage kan ƙafa ɗaya, wato ɗaga dunduniya sama a sauke: dama sau 24, hagu ba a gwada ba saboda zafi.

Ya tambaye ta, "Likita, yaushe zan koma gudu?"

Ta nuna masa katin. "Malam, ba ni da rana da zan ba ka. Ranar da hagu ta kusa kamo dama a nan, ranar za ka fara."

Daga nan aka soma lissafin makonni daga targaɗe na biyu.

Mako na 1: motsi ba tare da nauyi ba

Aka sa masa takalmin idon sawu mai igiya, irin wanda ke hana ƙafa juyawa gefe amma ya bar ta ta yi sama da ƙasa. Ba a sa siminti ba. Jijiya mai warkewa tana bukatar motsi kaɗan-kaɗan don zarurrukanta su jeru a hanya ɗaya, kuma gaɓar da aka kulle makonni takan sandare, tsoka ta zube.

Sau uku a rana yana zaune ya miƙe ƙafa, ya turo yatsu gaba ya jawo su baya sau 20. Ya rubuta haruffa a iska da babban yatsa. Ya rataya tawul a tafin ƙafa ya jawo zuwa jikinsa, gwiwa a miƙe, ya riƙe daƙiƙa 30, sau uku. Sannan ya jingina gefen ƙafa na waje da ƙafar gado ya tura ba tare da ƙafar ta motsa ba, daƙiƙa 5, sau 10. Ma'aunin zafi da aka ba shi mai sauƙi ne: in sifili babu zafi, goma kuma zafin da ba a iya jurewa, kada atisaye ya wuce uku.

Abubuwa biyu na yau da kullum sun shigo cikin tsarin, kuma su ne ake yawan mantawa a faɗa wa majinyaci. A zaman tahiya ƙafar hagu tana kwanciya kan gefenta na waje, tafinta ya juya ciki, daidai yanayin da ke jan jijiyar da ta yage. Don haka ya yi sallah a kan kujera a wannan makon da na biyu. Tsuguno a bayan gida kuma yana bukatar gwiwa ta wuce yatsu sosai, abin da santimita 3 ba zai bari ba, sai ya riƙa dafa bango yana ɗora nauyi kan dama.

Mako na 2 da na 3, 1 zuwa 14 ga Disamba: ƙarfi da daidaito

Aka ajiye sanduna, aka shigo da roba. Robar atisaye ba ta samu ba a makon farko, sai ya yanko tsohon tif na keke, ya yi aiki. Yana zaune a ƙasa, ya ɗaure robar a ƙafar gado ta ɓangaren dama, ya saƙala ta a gaban ƙafar hagu, ya tura ƙafar waje, ya dawo da ita a hankali cikin daƙiƙa uku. Sau 15, zagaye uku, kullum. Wannan atisayen na tsokokin gefen ƙwauri na waje ne, waɗanda ke fizgo ƙafa su dawo da ita idan ta fara karkacewa.

A ziyarar 8 ga Disamba aka gano yana yin sa ba daidai ba. Maimakon idon sawu ya motsa, ƙafar duka yake juyawa daga ƙugu, gwiwa tana kallon waje. Da haka zai yi sau hamsin bai gaji ba, tsokar da ake nema kuwa tana barci. Aka ce ya dafe gwiwa da hannu, ƙoƙonta yana kallon rufi. Da ya yi haka, a karo na tara gefen ƙwaurin ya fara tsami.

Ɗage ya fara da ƙafa biyu yana dafe da bango, sau 15 zagaye uku. Bayan kwana biyar ya koma hawa da biyu, sauka da hagu kaɗai. A ƙarshen mako na 3 ya fara yi da hagu ita kaɗai, ya samu sau 9.

Atisayen daidaito shi aka fi ba lokaci. A cikin jijiya da gaɓa akwai ƙananan majiyai masu sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take zaune, ko mutum bai kalla ba. Idan jijiya ta yage, wannan saƙon yakan raunana, tsoka ta makara wajen ceto ƙafar. Zafi yana tafiya da kansa, wannan kuwa sai an koyar da shi. Ya fara tsayuwa kan hagu ido a buɗe, daƙiƙa 30, sau biyar, safe da yamma, kusa da bango. Da hakan ya zauna sai ido a rufe, sai kan matashi, sai ƙaninsa ya riƙa jefo masa ƙwallo yana cafewa.

Matsala ɗaya ta ƙi tafiya a wannan lokacin. Duk yamma ƙafar takan ƙaru da santimita 1 saboda tsayuwar shago. Aka ce ya sa benci a bayan kanta, duk bayan awa biyu ya zauna ya ɗora ƙafa minti goma yana motsa ta. Cikin mako ɗaya kumburin yamma ya daina.

Mako na 4 da na 5, 15 zuwa 28 ga Disamba: inda aka tsaya cak

Ranar 15 ga wata awon gwiwa da bango ya nuna santimita 6, kamar yadda yake kwana bakwai da suka wuce, duk da yana miƙa sha-raɓa kullum. Aka tambaye shi inda yake jin tsayawar. Ya nuna gaban idon sawu, ya ce kamar wani abu ya tokare, ba ja yake ji a baya ba. Wannan bambancin yana da amfani. Ja a baya na nufin tsoka da agara ne suka gajarce, miƙewa za ta magance. Tokarewa a gaba na nufin ƙashin da ke tsakiyar gaɓar ba ya zamewa baya yadda ya kamata.

Likitar ta riƙa tura ƙashin baya da hannu yayin da yake kai gwiwa gaba. Aka koya masa yi a gida: ya ɗora ƙafa kan ƙaramar kujera, ya zagaya roba mai kauri a gaban idon sawu daidai inda yake lanƙwashewa, a ɗaure ta a bayansa, ya tura gwiwa gaba sau 10, zagaye uku. Ranar 22 ga wata awon ya kai santimita 9.

A mako na 5 aka fara tsalle. Ƙafa biyu a wuri ɗaya sau 20, sannan gaba da baya, sannan gefe da gefe a kan layin da aka ja da alli. Ana sauraron saukarsa: in ƙafa ta buga ƙasa da ƙara, ba ta shanye nauyin ba ke nan. Tafiyar sauri kuma ta kai minti 30 ba ɗingishi.

29 ga Disamba da 5 ga Janairu: gwajin izinin gudu

Sharuɗɗan da aka sa tun farko su ne bambancin awon bango kada ya wuce santimita 2, ɗage kan hagu aƙalla sau 20, tsayuwa ido a rufe ta kusa ta dama, tsalle 10 kan hagu kaɗai ba zafi, tafiyar minti 30 ba kumburi washegari.

Ranar 29 ga Disamba bango ya ba da santimita 10, tsayuwa daƙiƙa 21, ɗage sau 16. A tsalle na shida dunduniya ta fara karkata waje, ya ce zafin ya kai huɗu. Ba a ba shi izini ba. Aka ƙara masa nauyi a ɗage, jaka mai kilo 5 a baya, a bakin matakala, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. Ranar 5 ga Janairu ɗage ya kai 22, tsalle goma suka fita lafiya.

6 ga Janairu zuwa 7 ga Fabrairu: komawa gudu

An fara a filin makaranta mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba gefen titi ba, saboda gefen titi a karkace yake kuma can ramukan suke. Aka ce ya jira gari ya waye ya ga inda yake takawa. Sanyin Jos a Janairu ba wasa ba ne, don haka kafin ya fara sai ya yi tafiyar sauri minti 10 da ɗage sau 15. Takalmin idon sawu yana ƙafarsa kowane fita.

Zaman farko sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau takwas. Rana ɗaya gudu, rana ɗaya hutu. Ba ya hawa mataki na gaba sai ya yi wanda yake kai sau biyu, kuma washegari da safe babu ƙarin zafi ko kumburi. Daga nan minti 2 da tafiya 2, sai minti 3 da tafiya 1, sai 5 da 1.

Ranar 18 ga Janairu ya haɗu da abokan gudunsa ya tsallake daga minti 5 zuwa minti 20 a jere. Da safe tef ya nuna ƙarin santimita 1, ƙafar ta yi tauri a taku na farko. Aka ba shi hutun kwana biyu, ya koma minti 3 da tafiya 1. Bai yi asarar fiye da kwana biyar ba. A ƙarshen wata ya yi minti 20 a jere ba wata alama, aka ƙara gudun zagaya duwatsu biyu a siffar lamba 8 da sauya hanya ba zato. Ranar Asabar 7 ga Fabrairu, mako na 11, ya yi kilomita 5 a titi. Awon ƙarshe: bango santimita 10, ɗage sau 25, tsayuwa ido a rufe daƙiƙa 28.

Abin da lamarin ya nuna

Ruwan zafi da murzar ranar farko sun yi ɓarna. Zafi yana buɗe hanyoyin jini a wurin da ke zubar da jini a ciki, murza kuma tana tayar da abin da ya fara daskarewa. A targaɗe babu ƙashin da ya goce balle a mayar da shi, don haka ja ba shi da abin da zai gyara. Ɗaurin da ya matse sama ya bar ƙasa a buɗe ya tare ruwa a yatsu. Duk wanda yatsunsa suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu a ƙarƙashin ɗauri, ya kwance nan take. Amma waɗannan kurakurai kwanaki kaɗan ne kawai suka ci masa.

Abin da ya ci makonni shi ne gudun ranar 19 ga Nuwamba. Zafin targaɗe yakan lafa cikin mako biyu, alhali jijiyar da ta yage tana bukatar mako shida zuwa goma sha biyu kafin ta yi ƙwari. A tsakanin nan ne mutum yake jin ya warke, ƙafar kuwa ba ta da kariya. Kumburin da ya riƙa dawowa da yamma gargaɗi ne har sau biyu. Bandejin da ya dogara da shi yana rage kumburi ne kawai, ba ya hana ƙafa juyawa. Akwai alamar cewa targaɗen sakandare ma ya bar masa raunin daidaito tun can, shi ya sa ɗan dutse ya isa ya kayar da shi.

A karo na biyu abin da ya yi aiki shi ne an mayar da hukunci kan awo, ana gwada hagu da dama. Awon ne ya tona tsayawar santimita 6, har aka gane matsalar a gaɓa take ba a tsoka ba. Shi ne kuma ya hana shi gudu ranar 29 ga Disamba, lokacin da shi a ransa ya gama warkewa. Duk awon nan uku ana iya yin su a gida da tef ɗin tela, bango da agogon waya.

Ba kowane targaɗe ne zai bi wannan jadawalin ba. Na mataki na ɗaya yakan bar mutum ya koma gudu cikin mako biyu ko uku, na mataki na uku da targaɗen sama kuwa sukan kai wata uku ko fiye. Idan bayan mako shida na atisaye ƙafa tana ci gaba da zamewa, ko tana maƙalewa, ko akwai zafi can cikin gaɓa, a koma wurin likitan ƙashi, domin guringuntsi ko jijiyar tsoka na iya samun rauni da hoton ƙashi ba ya nunawa.

An sallame shi da sauran santimita 1 tsakanin hagu da dama. Zai ci gaba da sa takalmin idon sawu na aƙalla wata shida duk lokacin da zai yi ƙwallo ko gudu a hanyar duwatsu, da atisayen daidaito da na roba minti 10, sau uku a mako.